Kada Gm = Inf ya ruɗe ka a zanen Bode

Akwai kuskuren da nake yawan gani wajen ɗaliban injiniya idan suka zo auna ƙarkon da'irar sarrafawa. Su buga `margin(L)` a MATLAB, su ga an rubuta Gm = Inf, wato ratar ƙarfi ba ta da iyaka, a saman zanen, sai su ce aiki ya yi. A ganina wannan lamba ita ce mafi saurin yaudara a zanen da Hendrik Bode ya ƙirƙiro a Bell Labs.

Zanen hawa biyu ne: sama ƙarfi a ma'aunin desibel, ƙasa kusurwa, duka biyun an zana su ne bisa saurin kaɗawar sigina a ma'aunin rad/s. Ratar ƙarfi, wato Gm, ana karanta ta ne a inda kusurwa ta kai −180°, a duba desibel nawa ya rage layin sama ya taɓo sifili. Ratar kusurwa kuwa, Pm, sai a je inda ƙarfi ya ratsa sifili, a ga digiri nawa ya rage a kai −180°.

Mu ɗauki injin lantarki mai juya eriya zuwa inda aka umarce shi, L(s) = 10/(s(s+1)). Kusurwarsa tana kusantar −180° amma ba ta taɓa isa ba, shi ya sa Gm ba ta da iyaka. To amma ƙarfi yana ratsa sifili a 3.08 rad/s, kusurwa a nan −162° ce. Saura 18° ke nan kacal, alhali injiniyoyi sun fi son 30° zuwa 60°. Wannan eriya za ta zarce inda aka nufa da kusan kashi 60 cikin ɗari, ta yi ta kai da komo kafin ta natsu.

Abin da na fi so a riƙa yi shi ne a mayar da digirin nan lokaci. 18° daidai yake da radiyan 0.314, raba shi da 3.08, ka sami kusan daƙiƙa 0.1. Iyakar jinkirin da da'irar za ta iya jurewa ke nan. Jinkiri kuwa ba ya taɓa layin sama ko kaɗan, kusurwa kawai yake ci, kuma lissafinmu bai sa jinkirin sensa ko na kwamfuta ba. Idan suka haɗu suka wuce 0.1, rawar eriya ba za ta lafa ba, ƙaruwa za ta yi.

Mafita ɗaya ita ce a rage ƙarfi. Wani zai ce ai rage ƙarfi yana sa inji ya yi nawa. Gaskiya ne, akwai farashi. Mayar da 10 zuwa 1, wurin ratsawa ya sauko 0.79 rad/s, inji ya rage hanzari kusan ninki huɗu. Amma Pm ta koma kusan 52°, zarcewa ta sauka zuwa kashi 16, jinkirin da za a jure ya haura daƙiƙa ɗaya. Gm kuwa, a duka biyun, Inf take nunawa.