Idan manaja ya ce ba zai zauna da ku ba

Jama'a, akwai wata magana da nake yawan ji a bakin ma'aikatan kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai: "Mun nemi zama da manaja ya ƙi, to mu rufe get kawai." Na san zafin da ke sa mutum ya faɗi haka. Wanda ya tsaya kan inji awa 12, ya fito ya tarar albashinsa bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, babu wanda zai koya masa fushi. Amma ra'ayina shi ne, rufe get a ranar farko kyauta ce kuke miƙa wa manaja. A dokar Najeriya, ƙin zaman da ya yi shi kansa rikicin aiki ne da ke da hanyar binsa, kuma wanda ya fi takarda a hannu shi ya fi samun nasara a wannan hanyar.

Mu ɗauki misali. A ce kamfanin roba ne a Sharaɗa mai ma'aikata 120, ana aikin dare da rana, kowane rukuni awa 12, babu kuɗin ƙarin lokaci, albashin ƙaramin ma'aikaci naira 55,000. Abu na farko da ya kamata su gane shi ne buƙatunsu ba iri ɗaya ba ne. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 doka ce tun watan Yulin 2024, kuma ta hau kan kamfanin da ke da ma'aikata 25 ko fiye. Wannan ba abin ciniki ba ne, bashi ne ake bin kamfani, naira 15,000 kowane wata a kan kowane mutum. Kuɗin ƙarin lokaci kuwa daban yake. Dokar Ƙwadago ta ce duk abin da ya wuce lokacin aikin da aka amince da shi ƙarin lokaci ne, amma ba ta yanke nawa za a biya ba. Ta bar wannan ga yarjejeniya. Hutun shekara ma kwana 6 na aiki kawai ta tilasta bayan wata 12. Duk abin da kuka ga ma'aikatan wani kamfani suna samu sama da haka, a teburin tattaunawa aka samo shi. Shi ya sa manaja yake gudun teburin.

Wa zai zauna a teburin? Nan ne mutanenmu ke fara tuntuɓe. Sai a zaɓi dattawa biyar a kira su kwamiti, su je ofis su gaida manaja, a ba su lemo su dawo. Doka ba ta san wannan kwamitin ba. Abin da ta sani shi ne ƙungiyar ƙwadago mai rajista. Kuma ba sai kun kafa sabuwa ba, don kusan kowace sana'a tana da tata a ƙarƙashin NLC, babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa: masu roba da fata da sinadarai suna da tasu, masaƙa da masu ɗinki suna da tasu, masu abinci da lemo suna da tasu. Abin yi shi ne ku je ofishin ƙungiyar da ta dace da aikinku a nan Kano, ku cike fom, a buɗe muku reshe, uwar ƙungiya ta rubuta wa kamfani takarda cewa ga mambobinta, ga shugabannin reshe, a fara cire kuɗin ƙungiya daga albashi. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma Dokar Ƙwadago ta hana a sa wa mutum sharaɗin kada ya shiga ko a kore shi don ya shiga. Amincewa da ƙungiya mai rajista wajibi ne a kan mai kamfani, ba alfarma yake yi muku ba.

Shawarata a nan, ku tara fom ɗin a ɓoye kafin takarda ta isa ofis. Idan mutum 15 ne kawai suka sa hannu cikin 120, kafin Juma'a an san sunayensu an fara yi musu canjin wurin aiki. Idan 90 ne, lissafin manaja ya canja, don ba zai iya taɓa su duka ya tsayar da injinansa ba. Kuma kada a tilasta wa kowa. Tun gyaran dokar da aka yi a 2005 shiga ƙungiya ganin dama ne, sa hannun dole kuwa shi lauyan kamfani zai fara nema.

To, an buɗe reshe, an rubuta takardar neman zama, manaja ya yi gum. Ko kuma ya yi irin ta 'yan zamani: "Mai kamfani ya yi tafiya, sai ya dawo." Sati ya zama wata. Ta yaya za ku gane ƙin zama ne ba uzuri ba? Idan ya ƙi sa rana a rubuce, ko ya riƙa turo wanda ba shi da ikon yanke komai, ko ya fara kiran ma'aikata ɗai-ɗai yana ƙara wa wannan dubu biyar yana yi wa wancan alkawarin girma, to ya ba ku amsa. Daga nan kowace takarda ku yi ta kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan taku. Idan sakatare ya ƙi karɓa, ku aika ta kamfanin kai saƙo ku adana rasit. Takarda ta biyu ta ƙunshi wa'adi, a ce kwana 14, ta kuma faɗi ƙarara cewa bayan wa'adin za ku ɗauki lamarin a matsayin rikicin aiki.

Dokar sasanta rikicin ma'aikata ta 1976 ita ce ta shimfiɗa abin da ke biyo baya. Cikin kwana 7 da rushewar sulhun cikin gida, ɓangarorin biyu su zauna gaban mai shiga tsakani da suka yarda da shi. Idan bai daidaita su cikin kwana 7 ba, sai a kai rahoto a rubuce ga Ministan Ƙwadago cikin kwana 3. Za ku ce, wanda ya ƙi zama da mu ta ina zai yarda da mai shiga tsakani? Ba zai yarda ba, kuma ƙin nasa shi ne abin da za ku rubuta. Rahoton yana buƙatar abu biyu: abubuwan da aka saɓa a kai, da matakan da aka riga aka ɗauka. A nan kwafin nan masu hatimi ke yin aiki. Ba sai kun je Abuja ba, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana da ofishi a Kano, ta nan ake farawa. Minista na iya naɗa mai sulhu, idan shi ma ya kasa cikin kwana 7 sai a tura maganar ga kwamitin yanke hukunci da ake kira IAP, wanda doka ta ba kwana 21. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 7 ya nuna ƙin yarda, sai magana ta koma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano.

A takarda duk wannan bai fi wata biyu ba. A zahiri yana ja fiye da haka, wani lokaci nesa ba kusa ba, kuma ba zan ɓoye ba, tsarin ya fi yi wa mai kuɗi daɗi, domin shi yana iya jira, mai iyali kuwa ba ya iyawa. Duk da haka akwai abin da na lura da shi: manajan da ya yi wata uku yana raina takardar reshe, da wuya ya raina gayyatar ma'aikatar gwamnatin tarayya. Musamman mai biyan naira 55,000, wanda ba ya son jami'i ya buɗe littafin albashinsa. Sau da yawa a wannan matakin ake samun teburin.

Yajin aiki fa? Yana nan, amma a ƙarshen layi yake. Doka ta ce sai an bi matakan sasantawa, sai an kaɗa ƙuri'a mafi yawan mambobi masu rajista sun amince, kuma ba a aikin da ake kira na dole ba, irin su wuta da ruwa da asibiti. Sannan ranakun yaji ba a bin albashinsu. Idan ma'aikatan misalinmu suka rufe get ranar Litinin ba tare da wannan ba, kafin azahar an kira 'yan sanda, an daina maganar naira 15,000 an koma maganar tada hankali, shugabannin reshe kuma su ne farkon fita. Ga matasa cike da bakin get suna jiran gurbi.

Yanzu a ce an zauna, an daidaita. Kada farin ciki ya sa ku tashi da "an yi alkawari". Ku rubuta komai da lamba: awa nawa ne aikin yini, nawa ne kuɗin kowace awa da ta ƙaru, na dare nawa, na ranar hutu nawa, daga wane wata za a fara, yarjejeniyar shekara nawa za ta yi, wata nawa kafin ta ƙare za a sake zama. Kalmomi irin "za a duba" da "gwargwadon halin kamfani" ku goge su, ba sa ɗaure kowa. Bayan sa hannu a kai kwafi 3 ga Minista cikin kwana 14, kamar yadda doka ta ce. Sai kuma abin da aka fi mantawa: a sa layi a takardar ɗaukar aikin kowane ma'aikaci cewa sharuɗɗan yarjejeniyar suna cikin sharuɗɗan aikinsa. Dalili kuwa, shekaru da dama kotunan Najeriya suna ɗaukar irin wannan yarjejeniya a matsayin maganar mutunci kawai, wadda ma'aikaci ba zai iya kai ƙara a kanta ba sai in an shigar da ita cikin kwantiraginsa. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ikon fassara ta da aiki da ita, lamarin ya yi sauƙi, amma layi ɗaya da zai toshe gardamar lauya ai bai yi tsada ba.

Wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki ma, wannan ita ce buƙatarsa ta farko, domin doka ta ce a ba shi sharuɗɗansa a rubuce kafin ya wuce wata 3. Kamfanoni da yawa a Kano ta hannun ɗan kwangila suke ɗaukar mutane, ranar rikici manaja ya ce shi bai san ku ba. Ɗan kwangila bai soke muku 'yancin shiga ƙungiya ba, amma sai kun nuna wa kuke yi wa aiki. Ku adana katin shiga get, saƙon banki na albashi, jadawalin aiki, da duk takardar gargaɗi mai ɗauke da sunan kamfani. Idan aka kori shugaban reshe sati biyu bayan takardar neman zama, kwanakin da ke kan waɗannan takardu su ne shaidar da za a kai kotu. Shari'ar za ta ɗauki lokaci, shi kuma yana da 'ya'ya, don haka tun kafin takarda ta farko ta fita reshe ya fara tara wani abu duk wata, ko naira 500 ce kowane mutum. Mutum 90 sun tara naira 45,000 a wata ke nan.