Allon dokoki ba zai gyara wasalin da kunne bai ji ba

Ɗalibanmu da ke zuwa karatu nan Turkiyya, yawancinsu sai sun fara da ajin koyon Turkanci, kuma tun a makonnin farko malamai ke zana musu allon jituwar wasula. Wasulan takwas ne, an raba su gida biyu. Masu kauri, da ake furtawa can baya a baki, su ne a, ı, o, u. Sirara, na gaban baki, su ne e, i, ö, ü. Ɗafa-ƙeya tana duban wasalin ƙarshe na kalma ta bi gidansa: okul (makaranta) ta zama okullar, ev (gida) ya zama evler. Yara su haddace wannan tsaf, su ci jarrabawa, sannan ka ji su a kasuwa suna cewa "gunlar" maimakon günler, wato kwanaki.

Ni a ganina laifin ba na doka ba ne, kuma ƙara hadda ba zai yi magani ba. Dokar ma ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Mu da muke cewa maka, miki, muku, ai mun san yadda wasali ke jan na kusa da shi. Wanda kuma ya taso yana riƙe gidaje da littattafai da ƙasashe, kowane jam'i da fasalinsa, ba -lar da -ler ne za su gagare shi ba.

Matsalar a kunne take. Wasulanmu biyar ne, gajeru da dogaye, babu ö, babu ü, babu ı marar ɗigo. Sai kunnen ya kai kowane baƙon sauti wurin wanda ya sani: ö ta koma o, ü ta koma u, ı ta koma i. Abin takaicin shi ne duka ukun sun sauya gida ke nan. Siraran biyu sun faɗa cikin masu kauri, mai kaurin ta faɗa cikin sirara. Yaro ya yi amfani da dokar daidai, amma a kan wasalin da ba shi ba.

Ɗauki göz, wato ido. Idona shi ne gözüm, domin ɗafa-ƙeyar mallaka fuska huɗu gare ta, -ım, -im, -um, -üm, kuma ita har da'irar leɓe take dubawa. Idanuna kuwa gözlerim ne. Me ya sa ü ta ɓace? Saboda kowace ɗafa-ƙeya wasalin da ta tarar dab da ita take bi, kuma yanzu e ta -ler ce a wurin. Ka ƙara "a cikin", ka sami gözlerimde. To wanda ya ji "goz" tun farko, zai ce "gozum", ya ce "gozlarım", ya ƙare da "gozlarımda". Kuskure ɗaya ne a gaɓar farko, amma ya bi sarƙar har ƙarshenta. Da haka ake gane irin ciwon: in duk jerin ya karkace gefe guda cikin tsari, kunne ne. In kuwa ya cakuɗe, kamar "gözlerimda", to nan ne dokar ba ta zauna ba.

Waya ma tana ƙara dagula lamarin. Yadda muke rubuta "kasa" muna nufin ƙasa, mu bar mai karatu ya cike, haka wasu Turkawa ke tura saƙo ba da haruffansu na musamman ba, su rubuta "kizlar" a madadin kızlar, 'yan mata. Su sun san abin da ke bakinsu. Sabon ɗalibi kuwa ya ga i da -lar, ya ɗauka dokar ce ke da ɓaraka.

Akwai kalmomin da suka bauɗe da gaske, galibi na aro, irin su saat (sa'a) da ke ba da saatler, da kalp (zuciya) da ke ba da kalpler. Waɗannan kam a haddace su ɗaya-ɗaya, ba su da yawa a maganar yau da kullum.

Da ni ke da ajin, da ba zan nuna allon nan ba sai an yi mako guda gaban madubi. Ka ce i, ka riƙe harshe inda yake, ka turo leɓe, ka sami ü. Ka yi wa e haka, ka sami ö. Ka ce u, ka baje leɓe ba tare da harshe ya motsa ba, ka sami ı. Sannan a sa abokin zama ya riƙa karanta on da ön, kul da kül, kır da kir, kai kana rubutawa ba ka ganin takardarsa, har ka daina haɗa su.