Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Ɗaukar Aiki

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, musamman waɗanda suka gama hidimar ƙasa suna shiga kamfanoni da makarantu masu zaman kansu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake karɓar takardar ɗaukar aiki. Ido na sauka kan albashi sai a sa hannu, a tafi gida da albishir. Sauran shafukan ba a karanta su sai ranar da aka samu saɓani, alhali a ranar su ne za su yi magana a madadinka.

Takardar nan haƙƙinka ce. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa: irin aikin, albashi da lokacin biyansa, sa'o'in aiki, hutu, da wa'adin sanarwa kafin rabuwa. Duk wanda ya ce maka "fara tukuna, ai mun zama ɗaya", ka ci gaba da tambayarsa takardar cikin ladabi.

A ce an ɗauki ƙaninmu mataimakin akanta a wani kamfani a Kano, an rubuta masa naira 150,000 a wata. Tambayar farko: wannan kafin a cire haraji da fansho ne, ko shi ne zai faɗa asusunsa? Idan kamfanin na cikin tsarin fansho, dokar 2014 ta ce ma'aikaci zai bayar da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya ƙara kashi 10, ana lissafawa aƙalla kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. In waɗannan ukun sun kama 120,000, za a cire masa 9,600 duk wata, ga haraji kuma. Wanda ya kama haya da lissafin 150,000 zai ji a jikinsa tun watan farko.

Inda na fi so ku tsaya shi ne lokacin gwaji. Takardarsa ta ce wata 6, kuma a cikinsu kowane ɓangare na iya rabuwa da sanarwar mako ɗaya, bayan tabbatarwa kuma ta koma wata ɗaya. To wa zai tabbatar da shi, kuma da wace shaida? Sau da yawa wata shidan na cika, a yi shiru, yaro ya ɗauka ya zama ɗan gida. Sai a wata na goma a sallame shi da mako ɗaya, a ce har yanzu gwaji yake. Ko da zai iya ƙalubalantar haka a kotun ma'aikata, shari'a na cin lokaci da kuɗin da ba shi da su. Don haka ya duba ko takardar ta ba kamfani damar tsawaita gwajin, da iyakar tsawaitawar. Ranar da wa'adi ya cika, ya rubuta wa ofishin kula da ma'aikata yana neman takardar tabbatarwa, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa ya ajiye.

Sa'o'in aiki kuwa, in an rubuta ƙarfe 8 zuwa 5, a tambayi batun Asabar, da fita sallar Juma'a, da kuɗin ƙarin lokaci. A nemi a rubuta amsar.

Sai rabuwa. Sallama da sanarwa daban take da kora saboda babban laifi kamar sata, wadda ba ta buƙatar sanarwa, don haka a karanta abin da kamfanin ya lissafa a matsayin babban laifi. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mafi ƙarancin wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya har zuwa ƙasa da shekara 2, mako biyu zuwa ƙasa da shekara 5, daga nan wata ɗaya. Amma fa dokar ba ta shafi masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, su abin da suka sa wa hannu shi ne madogararsu.

Kuma ku ji tsoron Allah, sharaɗin ya hau kanku ku ma. Ƙaninmu da aka tabbatar, in ya samu wani aikin ya kashe waya ya ɓace, ya ci amana, kuma kamfani na iya binsa albashin wata guda a madadin sanarwar da bai bayar ba. Ya rubuta takardar ajiye aiki da kwanan wata, ya cika wa'adinsa, ya miƙa kayan ofis a rubuce.