Cire tallafin mai: mu zauna mu yi lissafin kuɗin mota

'Yan uwa mazauna Legas, tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare, aka daɗe ba a hirar komai a Agege da Idi-Araba sai ita. Kwana biyu tsakani kamfanin NNPC ya sauya farashi a gidajen mansa, lita ta tashi daga wajen ₦185 ta koma ₦488 a nan Legas, Abuja ₦537, Maiduguri ₦557. Mu namu ya ɗan fi sauƙi ne don a tashar ruwanmu ake sauke man, su kuwa sai an ɗora kuɗin tanka.

Shi tallafin nan ba kuɗi ba ne da ake miƙa wa wani a hannu. A lokacin matatunmu ba sa aiki, daga waje ake shigo da tataccen fetur da dala, a sayar mana ƙasa da yadda aka sawo shi, gwamnati ta cike giɓin. Kasafin 2023 da gwamnatin Buhari ta bari, zuwa watan Yuni kawai ya tanadi kuɗin cike giɓin nan. Ma'anar sanarwar ke nan: daga yau kai za ka biya cikakken kuɗin, kuma farashin zai riƙa bin dala da ɗanyen mai a kasuwar duniya. Ita ma ₦488 ɗin ba ta zauna ba.

Inda na saɓa da mutane shi ne masu cewa tunda mai ya kusa ninkawa uku, dole kuɗin mota ma ya ninka uku. Lissafi bai ce haka ba. Mu ƙaddara mai Keke Napep a Agege yana ƙona lita 10 a wuni. Da ₦1,850 yake sha, da lita ta koma ₦488 sai ya zama ₦4,880, ƙarin ₦3,030 ke nan. In yana ɗaukar fasinja 100 a rana, abin da ya hau kan kowane mutum wajen ₦30 ne. Tafiyar ₦100 ta zama ₦130, amma wa zai tsaya neman canjin ₦20 a kan titi? Sai ta koma ₦150.

Ban ga laifin wannan ₦150 ɗin ba, domin mai ba shi kaɗai ne ke cin kuɗin direba ba. Akwai balas ɗin mai keke, akwai tikitin 'yan agbero a kowace tasha, ga bakin mai da faci, shi ma kuma gidansa cefane ake jira. Sannan da kuɗi ya tashi, masu gajeriyar tafiya sukan taka da ƙafa, fasinja 100 su koma 70, ƙarin ya tashi daga ₦30 zuwa sama da ₦40 a kan kowa. Amma wanda ya mayar da ₦100 ta zama ₦300, wallahi wannan ya fake da guzuma ne ya harbi karsana. Haka za ka auna danfo ma: lita nawa take sha a sawu ɗaya, ka ninka da ƙarin da aka yi wa lita, wato ₦303 a lokacin, ka raba wa kujerun da ke ciki.

To a gida fa? Magidancin da ke kashe ₦600 kullum zuwa wajen nema da dawowa, in an ƙara rabi ya zama ₦900. A kwana 26 na aiki, ₦15,600 ta koma ₦23,400, alhali a 2023 mafi ƙarancin albashi yana nan a ₦30,000 ɗin da aka tsayar tun 2019. Abin da ba a cika lura da shi ba kuma shi ne ƙaramin janareto. Shi ba ka da fasinjan da za ku raba nauyin. Lita biyu kowane dare da ₦370 ce, bayan cire tallafin ta koma ₦976, wato daga ₦11,100 a wata zuwa ₦29,280. A gidaje da yawa injin nan zai fi kuɗin mota cin aljihu, kuma shi ya kamata a fara rage wa awanni kafin a taɓa tukunya. Mai aski da tela da mai cajin waya duk nan ciwonsu yake.

Batun abinci kuwa sai a yi hattara da abin da za a gaya maka a kasuwa. Tirelolin da ke kawo tumatir da albasa daga Arewa zuwa Mile 12 dizal suke sha, shi kuma an daɗe da sakin farashinsa. Fetur yana shigowa ne ta injin ban ruwa na masu noman rani, da ƙananan motocin da ke kwaso kaya daga gona, da wadda za ta ɗauko kwando daga Mile 12 zuwa unguwarku. Don haka tsadar za ta iso, amma sannu a hankali, a cikin watanni. In mai shago ya ninka kuɗin buhun da ke ajiye tun kafin a ƙara kuɗin mai, ka tambaye shi yaushe aka sauke masa kayan.