Wasiƙar godiyar da ta so zama takardar ƙara

Kamfanin yana Victoria Island, ni kuwa ina Agege, shi ya sa a mota na ji kiran assalatu. Gwajin ɗaukar aiki ne irin na yini guda, wanda ake tara masu nema a ɗaki ɗaya a ba su aiki tare, masu tantancewa suna zaune a kusurwa da takardun maki, ba sa cewa uffan. Da safe an ba mu tulin saƙonnin ofis mu jera wanda ya fi gaggawa. Da hantsi aka yi aikin rukuni, bayan Azahar kuma kowa ya tashi ya yi jawabin minti biyar.

A aikin rukunin mu shida ne. An ce ga naira miliyan 50, ga buƙatun rassan kamfani, kowa an damƙa masa ɗaya ya kare, kuma cikin minti 30 sai mun fito da matsaya guda. Tawa ita ce a saka wa wani reshe sola a huta da sayen man janareta. Wani mai jan taye ya kama magana tun kafin mu gama gyara zama, ya riƙe ta kamar gadon ubansa. Wata kuma ta naɗa kanta mai kula da lokaci, bini-bini sai ta ɗaga agogo ta sanar da mu saura kaza. Akwai wata mai suna Ngozi da ta buɗe baki ya mutu mata sau da yawa. Ganin yatsarta a kan shafi na uku, sai na ce a dakata a ji ta bakinta. Ashe a ƙasan shafin an rubuta cewa dole a ajiye kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Wato miliyan 45 ce a hannunmu, lissafin Mai Jan Taye duk ya rushe, sola tawa ma sai da aka rage mata rabi.

Lokacin abinci na zauna kusa da wani dattijo mai riga mara taye, yana cin dafa-dukarsa a hankali. Na ɗauka cikin direbobi yake. Na buɗe masa cikina: na ce kamfanin da ke rabon miliyan 50 a takarda, a faranti tsoka ɗaya yake bayarwa. Ya yi dariya, ya tura mini tasa. Na ci, har na sa masa albarka. Da aka kira ni jawabi, shi na tarar a tsakiyar teburin alƙalai ya ɗora gilashi a hanci. Ya tambaye ni shekara nawa batirin solar zai yi kafin a canja, kuma ko na saka kuɗin canjin a lissafi. Ban saka ba, naman kuma bai gama sauka ba.

A cunkoson gadar Third Mainland na fara rubuta wasiƙar godiya a waya, don an ce kada ta wuce kwana ɗaya. Matsalar farko sunaye. Na rubuta su a takardar da aka ba mu, amma da aka tashi sun karɓe kowane ƙyalle, har wanda na yi zanen danfo a bayansa. Sai na ci gaba da laƙabin da na raɗa musu, da niyyar gyarawa daga baya. Kafin mu iso Oshodi wasiƙa ta yi tsawon huɗuba.

Yaya Hadiza, wadda ke aiki a sashen ma'aikata na wani kamfani a Ikeja, ita na miƙa wa bayan Isha'i. Ta karanta a fili, da muryar mai karanta labarai: "Ina godiya da damar da aka ba ni, duk da cewa Mai Jan Taye ya cinye minti 18 cikin 30, Madam Agogo kuma ba ta kawo shawara ko ɗaya ba."

"Auwalu, godiya ce wannan ko ƙara ka shigar?"

"Yaya, ai gaskiya na faɗa."

Ta ce sun riga ni ganin gaskiyar, don kowane mai tantancewa mutum ɗaya ko biyu aka ba shi ya sa wa ido, kuma galibi suna zama su haɗa maki da zarar an sallame mu ko washegari. Wasiƙa ba za ta ƙara mini maki ba. Amma aiki da jama'a yana cikin abin da suka yini suna aunawa, wanda kuwa ya koma gida ya zauna yana tsine wa abokan rukuninsa a rubuce ya ba su amsar da kansa.

Ta goge sakin layi na biyu, inda na sake kare sola da sababbin hujjoji har da farashin batir da na binciko a mota. Ta ce an tashi kasuwa. Na uku, inda na ba dattijon haƙuri kan batun nama cikin layi bakwai, ta karanta shi sau biyu don jin daɗinta, ta kira Umma ma ta ji, sannan ta goge.

"To me ya rage?" na ce.

"Abin da idan suka karanta za su tuno fuskarka ba tare da an taɓa kowa ba. Lokaci ɗaya daga rukuni, ɗaya daga alƙalai. Wanda ka tabbatar da sunansa ka kira shi, wanda ba ka tabbatar ba ka faɗi abin da ya yi."

Na ce zan nemo lambar dattijon in aika masa kai tsaye. Ta ce in na kuskura za ta karɓe wayar. Matar da ta aiko mini da takardar gayyata ita zan mayar wa amsa a kan imel ɗin nan, in roƙe ta ta isar wa sauran. Ga abin da muka rubuta, bayan gaisuwa:

"Na gode da gayyatar da kuka yi mini zuwa gwajin jiya, da yadda kuka kula da mu tun safe har yamma. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da Ngozi ta nuna mana sharaɗin ajiye kashi 10 a shafi na uku, rukuninmu ya sake lissafi ya kuma cimma matsaya kafin lokaci ya cika. Don Allah a miƙa godiyata ga masu tantancewa, musamman shugabansu, wanda tambayarsa kan kuɗin canjin batir ta nuna mini gurbin da na bari a jawabina. Har yanzu ina son aikin nan, kuma ina sauraron mataki na gaba."

Na yi ƙorafin cewa ba a ambaci ni ne na ba Ngozi dama ba. Yaya ta ce mai takardar maki ya rubuta, in kuma bai rubuta ba, ambaton lokacin zai tuna masa wanda ya ce a dakata. Ta hana ni turawa da tsakar dare, ta ce sai ƙarfe takwas na safe, idan idona ya washe na sake duba sunan kamfanin.

Amsa ta zo kafin La'asar, layi uku. Matar ta ce sun gode, za a sanar da sakamako cikin mako biyu. Layi na ƙarshe kuma ya ce: shugaban masu tantancewa yana gaishe ka, ya ce a faɗa maka an kai maganar naman gaban hukumar kamfani.

Umma ta ce alamar nasara ce. Yaya Hadiza ta ce in ci gaba da tura takardun neman aiki wasu wuraren.