Daga minti 40 zuwa 10: haɗe shafuka ba zai fisshe ka ba

Da misalin ƙarfe tara na dare ƙanwata ta kira ni, muryarta duk a dagule. Tana aiki ne da wata ƙungiya mai gyaran rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, kuma ta kwashe mako biyu tana shirya jawabin da za ta gabatar ga masu ba su tallafi. Shafi 36 ta tsara a PowerPoint, na minti 40. Daren jajiberin taron aka turo mata saƙo cewa shugaban tawagar zai kama jirgi, don haka minti 10 za a ba ta. Ta ce da ni, "Yaya, na riga na fara haɗe su bibbiyu, sun koma 18. In na yi sauri ai zan kai ko?" Na ce mata ta dakata tukuna, ga ni nan zuwa.

Abin da ta fara yi shi ne abin da kusan kowa ke yi, kuma ina ganin kuskure ne. Mutum yakan ɗauka matsalarsa yawan shafuka ce, alhali yawan maganar da ke cikinsu ne ke cinye lokacin. In ka haɗe shafi biyu ba tare da ka zubar da komai ba, abin da za ka faɗa yana nan yadda yake, ka dai ƙanƙanta rubutun har na kujerar baya ya daina gani. Batun sauri kuwa, lissafi ma ya ƙi shi. Na sa ta karanta sakin layi ɗaya da irin muryar da take magana a gaban mutane, muka duba agogo, muka samu tana yin kalma wajen 120 a minti. Ke nan jawabin minti 40 ya kai kalma 4,800, minti 10 kuma ba zai ɗauki fiye da 1,200 ba. Babu harshen da zai ninka gudunsa sau huɗu a fahimce shi. Sauri ya haifi nawa: mai rattabawa yakan rasa hankalin masu sauraro tun da wuri, daga nan duk abin da ya faɗa asara ne.

Kuma minti 10 ɗin ma ba duka ne naka ba. Kafin a haɗa kwamfuta da majigi, a gyara lasifika, ka yi sallama, wani abu ya tafi. A tarukanmu akwai ƙarin nauyi, wato jero sunayen manyan baƙi da muƙamansu. Na sha ganin mai jawabi ya ci minti biyu a kan gaisuwa kawai. Girmama manya wajibi ne, amma ana iya ambatar shugaban taro da sunansa a haɗa sauran a jimla ɗaya, ba wanda zai ga an raina shi idan an san lokaci ya ƙure. Don haka muka yanke cewa minti 9 za mu shirya, daƙiƙa 540.

Da na isa, sai na ce ta rufe kwamfutar. Na miƙa mata takarda na ce ta rubuta mini a jimla ɗaya abin da take so mutanen nan su fita da shi. Sau uku tana rubutawa tana sokewa, domin da farko abin da ke fitowa shi ne "bayanin ayyukanmu na bana", wanda kan magana ne kawai, bai gaya wa kowa abin da zai yi ba. A karo na huɗu ta rubuta cewa rijiyoyin da aka danƙa wa kwamitocin unguwa ba sa daɗewa a lalace, abin da ke tsayar da gyara shi ne rashin kayan gyara a kusa, saboda haka a amince da kuɗin ajiye kayan na shekara ɗaya. Da wannan jimlar muka auna kowane shafi. Muka yi wa fayil ɗin kwafi don kada a taɓa na asali, muka buɗe Slide Sorter, inda duk shafukan ke jeruwa ƙanana a fuska ɗaya, muka ɗauka kamar babu ko ɗaya a cikin sabon jawabin. Kowane shafi sai ya nuna dalilin shigarsa. Wannan juyin yana da amfani, domin in ka fara daga 36 kana neman wanda za ka cire, kowanne zai ba ka tausayi, ka tuna daren da ka ɓata a kansa. In ka fara daga sifili, tambayar takan zama mai sauƙi: idan babu wannan, jimlar nan za ta tsaya da ƙafarta?

Zubarwar ba ta ɗauke mu lokaci ba. Shafin jerin abubuwan da za a tattauna ya tafi, domin jawabin minti 10 ba ya bukatar taswira. Shafuka huɗu na tarihin ƙungiya, manufofinta, tsarin shugabanci da tambarin abokan hulɗa su ma sun tafi, tunda mutanen da ke ɗakin sun shekara suna ba su kuɗi, sun san su. Shafuka uku na bayanin matsalar ruwa muka maye gurbinsu da hoto ɗaya daga cikin shida da take da su: famfo a karye, jarkoki a jere. Cikin ƙalubale huɗu muka bar ɗaya, na kayan gyara, saboda shi kaɗai ne kuɗin da ake nema zai magance. Shafin "Mun gode" na ƙarshe ma muka cire. Shi ne ke daɗewa a jikin bango lokacin tambayoyi, kuma bai ɗauke da komai, gara a bar shafin buƙatar a wurin. Jimillar waɗanda suka tafi 17.

Wurin da muka daɗe shi ne haɗewa, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Haɗewa tana halatta ne kawai idan shafukan tambaya ɗaya suke amsawa, da ma'auni iri ɗaya. Tana da shafuka bakwai na sakamako, ɗaya ga kowane yanki, kowanne da jadawalinsa. Duka bakwai ɗin abu guda suke aunawa, wato kwana nawa rijiya ke yi a lalace kafin a gyara. Waɗannan sun cancanci haɗewa, amma ba ta hanyar manna jadawali bakwai a shafi ɗaya ba. Sabon zane muka yi, sanda bakwai a jere daga gajere zuwa dogo, muka rubuta sakamakon kansa a matsayin kan shafin. Sai ga shi haɗaɗɗen ya fi na warwatse, domin yanzu ido na iya kwatanta yankunan a kallo ɗaya, abin da shafi bakwai ba su taɓa bayarwa ba. Haka muka yi wa shafuka uku na kasafin kuɗi, suka koma layi huɗu da jimilla.

Ita kuwa haɗewar da ta yi kafin in zo, ta ɗora ƙalubale a gefen kasafi, ta ɗora hotuna a gefen hanyar tattara bayanai. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai sauraro ko dai ya karanta ko ya saurare ka, kuma yayin da kake bayanin hagu shi yana can dama. Ana gane mummunar haɗewa da alamu biyu: in kan shafin ya bukaci "da kuma", ko in sai ka rage girman rubutu kafin ya shiga. Guy Kawasaki, marubuci kan harkar kasuwanci a Amurka, a ƙa'idarsa ta 10/20/30, ya ba da shawarar shafi 10, minti 20, kuma kada rubutu ya gaza girman 30. Ni nakan sassauta zuwa 24, amma ƙasa da haka alama ce cewa akwai abin da ya kamata a zubar aka ƙi.

Akwai masu cewa irin wannan yanka yana iya zama rashin gaskiya, a ɓoye abin da bai yi kyau ba da sunan ƙarancin lokaci. Suna da hujja, kuma a daren nan na ga yadda abin ke faruwa. Ƙanwata ta so ta bar yankin da aikin ya fi armashi ta yar da wanda rijiyoyinsa suka fi daɗewa a lalace. Na ƙi. Ƙarancin lokaci yana ba ka izinin rage bayani, bai ba ka izinin canza sakamako ba. Shafin yankin da ya gaza muka bari shi kaɗai daga cikin bakwai ɗin, bayan haɗaɗɗen zanen, kuma shi ne ma ya fi ƙarfafa buƙatar, domin yankin ya fi kowanne nisa da inda ake sayar da kayan gyara. Haka nan abin da ake zubarwa ya danganta da waɗanda ke zaune a gabanka. Da taron malaman jami'a ne, da hanyar bincike ta samu shafinta ko da za a rasa na kasafi. Amma kada wani ya ce aikinsa ya fi ƙarfin taƙaitawa. A gasar Three Minute Thesis da Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara a 2008, ɗaliban digiri na uku suna bayyana binciken shekaru a minti uku da shafi ɗaya tak.

Sauran shafuka 13, wato huɗu na hanyar tattara bayanai, uku na cikakken kasafi da shida na sauran yankuna, ba mu goge su ba. Mun kai su bayan shafin ƙarshe muka sa musu Hide Slide, ta yadda ba za su fito da kansu ba. Ta rubuta lambar kowanne a ƙaramar takarda, domin yayin nuni in ka buga lambar shafi ka danna Enter, kai tsaye zai kai ka can. Wannan ne ya kwantar mata da hankali fiye da komai, har da batun abokan aikinta da suka sha wahalar tattara alƙaluman: aikinsu yana nan ga duk wanda ya tambaya, kuma cikakken fayil ɗin za a tura wa baƙin bayan taro.

Shafi takwas suka rage, shida na asali da sababbi biyu. Ba mu raba musu lokaci daidai ba. Zanen sakamako ya samu minti biyu, yankin da ya gaza da kasafi kowanne minti ɗaya da rabi, shafin farko da na buƙata rabin minti kowanne, sauran minti uku suka tafi ga hoton, ƙalubalen da matakan gaba. Sai ta miƙe tsaye a falo ta gwada da murya sama, muka kunna Rehearse Timings yana ƙirga abin da kowane shafi ya ci. Gwajin farko minti 13 ya kai. Da muka duba, a kan hoton famfon ta zuba duk bayanin shafuka ukun da muka cire, da baki. Wannan tarko ne da ba a cika lura da shi ba: shafin ya tafi, amma maganarsa tana nan a harshe. Muka rubuta mata jimla biyu kacal da za ta faɗa a kan hoton. Gwaji na uku ya tsaya a minti 9 da 'yan daƙiƙu, ƙarfe ɗaya saura na dare.

Washegari da la'asar ta kira ni. Ta gama kafin a ɗaga mata hannu, kuma tambaya biyu aka yi mata kafin shugaban ya tashi. Ta farko kan farashin kayan gyaran ce, ta buga lambar shafin cikakken kasafi ta nuna musu. Ta biyu kan yankin nan ne da ta so ta yar.