Kafin ki sa hannu a kwangilar talla, karanta abin da ke ƙasan kuɗin

Ni nake riƙe wa ƙanwata harkar shafinta na girke-girke a TikTok da Instagram, kuma ni na ce mata ta sa hannu a takardar da ta ci mana kasuwar azumin 2025. Shi ya sa idan na ji ana cewa "kamfani kaza ya ba wance rabin miliyan", tambayata ita ce, na wata nawa suka ɗaure ta?

A watan Janairu wani kamfanin kayan ɗanɗano ya zo da naira 450,000 kan bidiyo uku. Dubu 150 kowane ɗaya, ciniki ya yi kyau. Idona na kan kuɗin, ban tsaya kan layin da ya ce ba za ta tallata "kayan abinci na wani kamfani" ba har wata shida. Mai girki ce fa. Man gyaɗa kayan abinci ne, taliya ma haka, fulawa ma haka. Wata shida daga Janairu kuwa ya haɗiye azumi da ƙaramar Sallah da babbar Sallah, lokacin da masu girki ke samun tallan da zai riƙe su shekara. Mai mai ya zo, mai taliya ya zo, kowanne da tayin dubu 200, muka ba su haƙuri muna kallo.

Ban ce kamfani ya yi laifi da ya nemi kada ta tallata kishiyarsa ba. Wanda ya biya ki kika yabi dunƙulensa yau, ba zai so gobe ya gan ki riƙe da na maƙwabcinsa ba. Amma wannan hani haja ce, sayar da ita ake yi daban. A rubuta nau'in kayan ƙarara, "sinadarin ɗanɗanon miya" kawai, ko ma a jero sunayen kamfanonin da suke gudu. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa. Ni yanzu kwana 30 daga ranar da bidiyon ƙarshe ya fita nake bayarwa cikin farashi, duk watan da ya ƙaru da kuɗinsa, watan azumi kuma ya fi tsada.

Shi kansa "bidiyo uku" ɗin cinikin biri a sama ne. Na daƙiƙa nawa? A wane shafi? Da muka ɗora a TikTok sai suka ce ai har Instagram da sitatus na WhatsApp suke nufi. Daga baya muka ga fuskarta a tallan da suke biya a shafinsu, saboda takardar ta ba su damar amfani da bidiyon ba tare da wa'adi ba. Wannan ma kuɗinsa daban ne.

Sai gyara. An rubuta "har sai kamfani ya gamsu". Canza rubutun kan bidiyo ko yanke daƙiƙa biyar aikin minti goma ne a waya. Amma idan aka ce kwalin bai fito sosai ba lokacin da take zubawa a tukunya, sabon girki ke nan: cefane dubu 25, mai kyamara dubu 20, da yini guda a tsaye. Sau biyu muka sake ɗauka, dubu 90 ta fita daga aljihunmu. Abin da nake rubutawa yanzu shi ne gyara sau biyu a kan bidiyon da aka riga aka ɗauka, su tattaro duk ƙorafinsu lokaci ɗaya cikin kwana uku, in sun yi shiru sun amince. Sake ɗauka kuma su za su biya, muddin mun bi tsarin da suka amince da shi a rubuce tun farko.

Wa'adin biya kwana 60 ne, amma daga yaushe? Daga ranar da ofishin kuɗinsu ya karɓi takardar neman biya, wadda ba a turawa sai bidiyo na uku ya fita. Mun tura a ƙarshen Fabrairu, bayan mako uku suka dawo da ita wai babu lambar odarsu, lissafi ya koma farko. Sai tsakiyar Mayu alat ya shigo. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuɗin da ya kwana wata huɗu a hannun wani ya rame kafin ya iso.

Wasu za su ce ƙaramin shafi ba shi da bakin gindaya sharaɗi, in ka ja za su koma wajen wata. Gaskiya ne, mun rasa kamfani ɗaya a kan haka. Amma wanda ya biyo baya ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko kwana 14 bayan bidiyon ƙarshe ya fita, hani kuma na wata ɗaya a kan shinkafa kaɗai. Ko musu bai yi ba, ma'aikaciyarsu ta gyara takardar ta turo da yamma.